Daga Uwa ne ko daga Uba? Yadda Ake Karanta Taswirar Zuriya a Jarrabawar Bayoloji

Akwai wani zane da ke yawan tarar ɗalibai a takardar bayoloji, tun daga ajin ƙarshe na sakandare har shekarun farko na jami'a da makarantun koyon jinya. Murabba'ai ne da da'irori, wasu farare wasu baƙaƙe, an haɗa su da layuka. A ƙasansa sai a rubuta tambaya gajeriya: ta wace hanya ake gadon wannan ciwo a wannan gida? Sunan zanen a ajin bayoloji fedigiri, wato taswirar zuriya, kuma ba don jarrabawa kaɗai aka ƙirƙiro shi ba. Likitocin cututtukan gado irinsa suke zanawa idan ma'aurata suka zo neman shawara.

Abin da yawancin ɗalibai ke yi da sun ga zanen shi ne ƙirga. Su duba baƙaƙen, su ga maza sun fi yawa, nan take su yanke cewa ciwon yana kan kuromosom X. Wani lokaci a dace, wani lokaci a faɗi, domin masu tsara tambaya sun san wannan ɗabi'a sarai, kuma da gangan suke cika zanen da maza marasa lafiya. A ganina ƙirga ita ce abu na ƙarshe da ya kamata a yi. Taswirar zuriya ana karanta ta ne yadda alƙali ke sauraron ƙara: yawan masu zargi ba hujja ba ne, amma shaida guda tabbatacciya tana iya rushe da'awa gaba ɗaya. A kusan kowane zane akwai iyali ɗaya, uba da uwa da ɗa ko 'ya guda, wanda shi ne shaidar. Aikin ɗalibi ya nemo shi.

Alamomin ba su da wuya. Murabba'i namiji ne, da'ira mace. Wanda aka cike da baƙi shi ne mai ciwon, ko mai siffar da ake bibiya, farin kuwa ba ta bayyana a jikinsa ba. Layin kwance tsakanin namiji da mace aure ne, idan layin biyu ne to auren zumunci ne. Daga layin aure ake sauko da layi zuwa 'ya'ya, a jera su daga hagu zuwa dama bisa tsarin haihuwa. Kowane sahu yana da lambar Romawa, kakanni I, 'ya'yansu II, jikoki III, kuma kowane mutum yana da lambarsa a cikin sahun. Saboda haka II-3 na nufin mutum na uku a sahu na biyu. Wani lokaci za a ga ɗigo a tsakiyar alama, ko an cike rabinta, wannan mai ɗauke da ƙwayar ciwon ne amma lafiyarsa ƙalau. Sai dai a tambayoyi masu kyau ba a sa wannan alama, domin gano masu ɗauke da ita shi ne ainihin abin da ake gwadawa.

Abin da ke ƙarƙashin zanen

Ɗan Adam yana da kuromosom 46 a ƙwayoyin jikinsa, an jera su biyu-biyu, tagwaye 23. A kowace tagwaye ɗaya daga uwa yake, ɗaya daga uba. Tagwaye 22 iri ɗaya suke ga namiji da mace, su ake kira otosom. Ta ƙarshe ce ta bambanta: mace tana da XX, namiji yana da XY.

Daga nan komai ya taso. Uwa X kawai take da shi, don haka kowane ɗa da kowace 'ya suna samun X guda daga gare ta. Uba kuwa yana ba 'yarsa X ɗinsa, yana ba ɗansa Y. Ba ya taɓa ba ɗansa namiji X, domin da ya ba shi da mace aka haifa. Ashe namiji X ɗaya tak yake da shi, kuma na mahaifiyarsa ne. Duk wanda ya riƙe wannan da kyau, zai iya sake gina sauran ƙa'idojin da kansa a ɗakin jarrabawa ko da ya manta abin da ya haddace.

Abu na biyu shi ne yadda ƙwayar gado ke nuna kanta. Wata guda ɗaya ta isa ta bayyana a jiki, ita ce mai rinjaye, kuma ana rubuta ta da babban harafi, A. Wata kuwa mai ɓuya ce, ana rubuta ta da ƙaramin harafi, a, ba ta fitowa sai idan babu mai rinjaye a gefenta. Mun san wannan a gida ba sai an je nesa ba. Ciwon sikila yana kan kuromosom na 11, wato otosom, kuma ta fuskar ciwon yana bin tsarin mai ɓuya: mai AS yana yawonsa lafiya, sai AS ya auri AS a haifi SS. Zabiya ma haka take, shi ya sa iyaye baƙaƙe biyu kan haifi zabiya ba tare da wani abin zargi ba.

Idan aka haɗa waɗannan biyu sai a sami hanyoyi huɗu: mai rinjaye a otosom, mai ɓuya a otosom, mai rinjaye a X, mai ɓuya a X. Tambaya biyu ce ke raba su, kuma dole a bi su a jere. A fara da rinjaye ko ɓuya, sannan a zo ga otosom ko X. Wanda ya fara da ta biyu yakan rikice, domin gwajin X ya danganta da amsar ta farko.

Gida ɗaya, daga sama har ƙasa

Ga wani zane irin wanda ake bayarwa:

```
I          □1 ─┬─ ○2
       ┌───────┼───────┐
II     ■1      ○2      □3 ─┬─ ○4
                   ┌───────┼───────┐
III                ■1      □2      ●3
```

Kaka namiji da kaka mace lafiyarsu ƙalau. Sun haifi uku: babban namiji ne mai ciwon, sai mace lafiyayya, sai auta namiji lafiyayye. Autan ya auro mace daga waje, II-4, ita ma lafiyayya. Suka haifi namiji mai ciwon, da namiji lafiyayye, da mace mai ciwon.

Tambaya ta farko ana amsa ta ne da neman ɗan da ya saɓa wa iyayensa biyu. Ga shi nan a sama: I-1 da I-2 farare ne, amma ɗansu II-1 baƙi ne. Daga ina ya samo ƙwayar? Dole daga gare su. To da mai rinjaye ce, da ta bayyana a jikin wanda ya ba shi. Tunda ba ta bayyana ba, mai ɓuya ce. An gama da wannan, kuma hanyoyi biyu cikin huɗu sun fita. Akasin haka ma hujja ce: idan iyaye biyu duk suna da siffar suka haifi wanda ba shi da ita, to mai rinjaye ce, domin aa da aa ba su da abin da za su bayar sai a.

A lura cewa iyalin da ɗaya baƙi ne ɗaya fari ba ya yanke komai a wannan mataki. Uba mai ciwo da uwa lafiyayya za su iya haifar mai ciwo a tsarin rinjaye, Aa da aa, kuma za su iya a tsarin ɓuya, aa da Aa. Ɗalibai da yawa suna ɓata lokaci a kan irin wannan iyali saboda shi ne ya fi ɗaukar ido.

Yanzu tambaya ta biyu. Mun san mai ɓuya ce, saura mu san inda take zaune. Hanyar ita ce a ɗauka tana kan X, a bi zanen da wannan zato, a ga ko zai karye. Iyalin sama bai karya shi ba: I-2 tana iya zama mai ɗauke da ƙwayar a X ɗinta guda, ta ba II-1, shi kuwa ba shi da X na biyu da zai rufe ta, sai ciwon ya fito. III-1 ma bai karya shi ba, domin mahaifiyarsa II-4 tana iya zama mai ɗauke da ita. Maza biyu ke nan, kuma a nan mai gaggawa zai rubuta amsarsa.

Sai III-3. Mace ce, kuma tana da ciwon. Idan ƙwayar mai ɓuya ce a kan X, to sai X ɗinta biyu duk suna ɗauke da ita kafin ciwon ya fito. Ɗaya daga mahaifiyarta ya zo, wannan ba matsala. Ɗayan kuwa daga mahaifinta, II-3, wanda X ɗaya tak yake da shi. In X ɗinsa na ɗauke da ƙwayar, da shi ma yana da ciwon. Amma fari ne. Zaton ya karye, kuma amsa ɗaya ta rage: mai ɓuya a otosom. Yarinya guda ta yanke hukuncin da maza biyu ba su iya yankewa ba.

Ke nan idan siffa mai ɓuya ce, mata baƙaƙe ake bi ɗaya bayan ɗaya, a duba sama a duba ƙasa. A sama, mahaifinta dole ya zama baƙi in har X ne. A ƙasa, duk 'ya'yanta maza dole su zama baƙaƙe, domin kowane X da za ta ba su yana ɗauke da ƙwayar. Uba fari guda, ko ɗa namiji fari guda, ya isa ya fitar da X.

Idan kuwa siffar mai rinjaye ce, sai a juya ga maza baƙaƙe. Namiji mai ƙwaya mai rinjaye a X zai ba dukkan 'ya'yansa mata, babu wadda za ta tsira, kuma shi kansa daga mahaifiyarsa ya samu, don haka dole ita ma ta zama baƙa. 'Ya fara guda daga uba baƙi, ko ɗa baƙi daga uwa fara, ya nuna otosom ne. Irin wannan gado ba shi da yawa a duniya. Misalin da littattafai suka fi kawowa shi ne wani nau'in ciwon laushin ƙashi da ke lanƙwasa ƙafafun yara saboda jiki yana zubar da sinadarin fosfet ta fitsari.

Bayan gano hanya, sai lissafi

Da wuya tambaya ta tsaya a nan. Sai an ce a rubuta ƙwayoyin wasu mutane, sannan a lissafa yiwuwar wani abu. A fara da waɗanda babu shakka a kansu. Baƙaƙen uku duk aa ne. Duk wanda ya haifi aa ya ba shi a, don haka I-1 da I-2 da II-3 da II-4, tunda farare ne, duk Aa ne. Saura biyu, II-2 da III-2, waɗanda zanen bai tona su ba. Kowannensu yana iya zama AA ko Aa, kuma amsar gaskiya ita ce a rubuta duka biyun.

In aka tambayi yiwuwar II-3 da II-4 su haifi mai ciwon a ciki na gaba, amsar 1/4 ce, kamar yadda akwatin Punnett ke nunawa ga Aa da Aa: AA ɗaya, Aa biyu, aa ɗaya. Cewa sun riga sun haifi biyu masu ciwon bai rage komai ba kuma bai ƙara ba, kowane ciki lissafinsa daban. Wannan kuskure ba na ɗalibai kaɗai ba ne. Ana samun ma'aurata masu AS da ke ganin tunda an haifi SS guda, uku masu zuwa za su tsira. Ba haka abin yake ba. Idan kuma aka ce yiwuwar su haifi namiji mai ciwon, sai a ninka da rabi: 1/4 × 1/2 = 1/8.

Inda aka fi zubar da maki shi ne kan III-2. Mece ce yiwuwar yana ɗauke da ƙwayar? Hannu yakan yi saurin rubuta 1/2, domin gida biyu cikin huɗu na akwatin Aa ne. Amma an riga an haife shi, kuma muna ganinsa fari. Ba aa ba ne, wannan gida ya fita. Saura gida uku, biyu daga cikinsu Aa. Amsar 2/3 ce. Idan ya girma ya auri wadda aka tabbatar Aa ce, yiwuwar ɗansu na fari ya zo da ciwon ita ce 2/3 × 1/4 = 1/6.

A kwatanta da na X, domin a nan rabin daidai ne. Mace lafiyayya ce, iyayenta lafiyayyu, amma ƙaninta yana da himofiliya, ciwon da jini ke daɗewa bai daskare ba idan an ji rauni. Mahaifinta XᴴY ne, mahaifiyarta XᴴXʰ. Daga uba ta sami Xᴴ babu makawa, daga uwa kuwa ko wannan ko wancan, don haka yiwuwar tana ɗauke da ƙwayar 1/2 ce. Babu gidan da za a cire, tunda dama babu 'yar wannan gida da za ta iya zuwa da ciwon. In ta auri lafiyayye, yiwuwar abin da za ta haifa ya zama mai ciwon 1/2 × 1/4 = 1/8 ce. In kuwa an riga an ce namiji ne, ta zama 1/2 × 1/2 = 1/4. Kalma ɗaya a tambayar ke raba waɗannan amsoshi biyu, shi ya sa ya dace a karanta ta sau biyu.

Idan zanen ya ƙi yanke hukunci

Mu koma gidanmu na farko, mu goge baƙin III-3 ta zama fara. Yanzu maza biyu kaɗai ke da ciwon, kuma babu abin da ya karya zaton X. To an tabbatar X ne? A'a. Tsarin otosom ma yana tafiya daidai, babu inda ya karye. Wannan wani abu ne da ba a cika faɗa wa ɗalibai ba: ƙaramin zane yana iya tabbatar da cewa siffa ba ta kan X, amma ba ya iya tabbatar da cewa tana kai. Duk zanen da ya dace da mai ɓuya a X zai dace da mai ɓuya a otosom, in dai an yarda a ɗora wa isassun mutane ɗaukar ƙwayar. Shi ya sa tambayoyin kirki kan ce wace hanya ce ta fi yiwuwa.

A nan ne ƙirga ke da amfani, amma ba ƙirgar maza da mata kaɗai ba. A ƙirga mutane nawa ne daga cikin waɗanda suka kafa gidan ko aka auro dole su zo da ƙwayar a kowane zato. A zanenmu da aka gyara, otosom na buƙatar uku: I-1 da I-2 da II-4. X na buƙatar biyu: I-2 da II-4. Bambancin bai taka kara ya karya ba, domin II-3 ba zai iya ba ɗansa X ba, dole matarsa ce ta shigo da ƙwayar ta wata hanya dabam. Amma a ce III-1 ɗan II-2 ne, wato ta wajen 'ya mace ya biyo. Sai X ya buƙaci mutum ɗaya tak, kakar, wadda ta ba ɗanta ciwon ta kuma ba 'yarta ƙwayar, 'yar ta miƙa wa nata ɗan. Ga ciwon da ba shi da yawa a cikin jama'a, zaton da ya buƙaci mutum ɗaya ya fi wanda ya buƙaci uku ƙarfi nesa ba kusa ba.

Sawun da gadon X mai ɓuya ke bari ke nan: yaro yana da ciwon, mahaifinsa da baffanninsa ba su da shi, amma kawunsa yana da shi, ko kakansa na wajen uwa. Ciwon yana bin mata ya sauka kan maza.

Gidan da ya fi shahara da wannan shi ne na Sarauniya Victoria ta Ingila. Ta haifi tara, maza huɗu mata biyar. Cikin mazan, Leopold ne ya zo da himofiliya, ya rasu a 1884 yana da shekara 30 bayan ya faɗi. 'Ya'yansa biyu sun isa darasi su kaɗai. Namijin, Charles Edward, bai gaji komai ba, domin Y ya samu daga uban. Macen, Alice, lafiyarta ƙalau, amma X ɗin uban yana jikinta, kuma ɗanta Rupert ya zo da ciwon kakansa. Biyu daga cikin 'ya'yan sarauniyar mata, wata Alice ɗin da Beatrice, su ma sun ɗauki ƙwayar. Ta wajen Beatrice ta shiga gidan sarautar Sifen. Ta wajen Alice ta kai Rasha, inda 'yarta Alexandra ta auri Sarki Nicholas na biyu, ta haifi Alexei a 1904 da ciwon. Binciken da aka wallafa a 2009 kan ƙasusuwan iyalan wannan sarki ya nuna cewa nau'in da ake kira himofiliya B ne. Gidan sarautar Ingila na yanzu kuwa ya tsira, domin ta wajen Edward na bakwai ya biyo, kuma shi X mai lafiya ya samu daga mahaifiyarsa.

Akwai tarko guda da ya kamata a ambata a nan. An haddace cewa ciwon X ba ya bi daga uba zuwa ɗa, sai ɗalibi ya ga uba baƙi da ɗa baƙi, ya ce X ya fita. Ga siffa mai ɓuya wannan ba hujja ba ce. Uba mai makantar launi, wanda ba ya bambance ja da kore, yana iya haifar ɗa irinsa, amma ba shi ya ba shi ba, matarsa ce ke ɗauke da ƙwayar. Idan akwai layi biyu tsakanin ma'auratan, abin ya ƙara sauƙin faruwa, tunda suna iya gadar ƙwayar daga tsatso ɗaya. Duk da haka, layi biyu a zanen jarrabawa yawanci nuni ne ga mai ɓuya a otosom, domin auren zumunci shi ne hanya mafi sauƙi da ƙwaya mai wuyar samu ke haɗuwa da 'yar'uwarta.

Gidajen da aka yi aure fiye da ɗaya, irin waɗanda muka saba da su, sun fi ba da haske. Idan namiji mai ciwon da ba a cika gani ba ya haifi masu ciwon da mata biyu ko uku waɗanda ba dangin juna ba, kuma ba danginsa ba, zai yi wuya a ce dukkansu masu ɗauke da ƙwayar ne, don haka rinjaye ya fi kusa. Haka nan mace lafiyayya da ta haifi maza masu ciwo ɗaya a aure biyu daban, ido sai ya koma kan X ɗinta.

Inda ƙa'idar ke da iyaka

Duk wannan lissafi yana tsaye ne kan sharuɗɗan da jarrabawa ke ɗauka ba tare da ta faɗa ba: ƙwaya ɗaya ce ke kawo siffar, duk mai ita a tsarin da ya dace za ta bayyana a jikinsa, kuma babu wadda ta sauya sabuwa. A asibiti abin ba ya tafiya haka kullum. Cindo, ƙarin yatsa a gefen ƙaramin yatsa, yakan bi tsarin rinjaye a otosom, amma akan sami wanda ya gada daga uba ya kuma ba ɗansa, shi kuwa yatsunsa biyar-biyar. A zane sai ya yi kama da mai ɓuya. Nau'in wadanci da aka fi sani shi ma mai rinjaye ne, amma mafi yawan masu shi iyayensu masu tsayi ne kamar kowa, ƙwayar ce ta sauya a lokacin da aka samar da su. Ita kanta Victoria ba a san himofiliya a kakanninta ba, kuma abin da masana suka fi karkata a kai shi ne sabon sauyi ne. Ciwon Huntington kuwa, mai rinjaye a kuromosom na 4, yawanci sai mutum ya manyanta yake fitowa, don haka yaro fari a zane ba lallai ya tsira ba. Ko matan da ake cewa lafiyayyu masu ɗauke da ƙwayar X, wasunsu kan nuna alamu kaɗan, saboda a kowace ƙwayar jikin mace X ɗaya ne ke aiki sosai, kamar yadda Mary Lyon ta bayyana a 1961.

Sharaɗin da ya fi shafar mu shi ne na cewa ciwon ba shi da yawa, don haka a ɗauka duk wanda aka auro daga waje ba ya ɗauke da ƙwayar. Littattafan da aka rubuta a Turai da Amurka suna yawan dogara da shi. Ga sikila a Najeriya wannan zato ba ya aiki ko kaɗan, domin kusan mutum ɗaya cikin huɗu AS ne. Gidan da sikila ta fito a kowane sahu, daga kaka zuwa uba zuwa jika, zai yi kama da rinjaye ga mai kallon sama-sama, alhali kuwa masu AS ne ake ta aurowa. Saboda haka maganar cewa mai rinjaye tana fitowa a kowane sahu, mai ɓuya tana tsallake sahu, alama ce kawai, ba ta kai hujja ba.

A ɗakin jarrabawa, sai dai idan tambayar ta ambaci ɗaya daga cikin waɗannan, a bi ƙa'ida yadda take. Kuma kafin a miƙa takarda, a ɗauki fensir a rubuta ƙwayoyin kowane mutum a ƙarƙashin alamarsa bisa amsar da aka zaɓa, tun daga I-1 har na ƙarshe. Idan aka iso kan wanda iyayensa ba su da abin da za su ba shi, amsar ba daidai ba ce, a koma a gwada wata.